Yadda ake shirin jarrabawar satifiket na kiyaye haɗura a wurin aiki cikin mako goma

Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa wannan jarrabawa sun yi karatu. Abin da ke kayar da su shi ne sun haddace jerin abubuwa daga littafi, sai aka ba su labarin wata masana'anta aka ce su nuna inda aka yi kuskure, suka zuba haddar ba tare da sun taɓa labarin ba. Saboda haka tsarin da za mu bayar a nan ya tsaya ne a kan abu ɗaya: ka zaɓi wurin aiki guda da ka sani da idonka, duk abin da ka karanta na doka, ko na haɗura, ko na gudanarwa, ka kai shi can ka gwada.

Kafin ka buɗe littafi

Fara da sanin irin jarrabawar da za ka zauna, domin ba iri ɗaya ba ce. Kwasa-kwasan cikin gida, irin waɗanda ake yi da sunan cibiyar ƙwararrun kiyaye haɗura ta Nijeriya, wato ISPON, sun fi karkata ga dokokin Nijeriya. Satifiket na ƙasa da ƙasa na NEBOSH, hukumar jarrabawar kiyaye haɗura ta Birtaniya, kuwa ya fi jingina da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, kuma tun 2020 ake rubuta ɓangarensa na farko a gida, littafi a buɗe, cikin awa 24, sannan a yi wa ɗalibi gajeriyar hira don a tabbatar shi ya rubuta. Ka karɓi manhajar da ake aiki da ita a bana daga cibiyar da ka yi rajista, ka buga ta a takarda, ka riƙa sa alama a kan duk abin da ka gama. Kada ka dogara da tsohon kwafin da wani ya turo a waya, domin manhaja tana canzawa.

Daga nan sai ka zaɓi wurinka. Idan kana aiki a masana'anta, kamar masu aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, to an gama. Idan ba ka da aiki tukuna, nemi izinin shiga injin casar shinkafa, ko gidan buga bulo, ko garejin walda, ko wurin gini a unguwarku. Ka zana taswirar wurin a takarda ɗaya: ƙofa, inda janareta yake, inda ake ajiye dizal, inda mota ke juyawa, inda leburori ke hutawa. Wannan takarda za ta bi ka har ranar jarrabawa. A nan za mu ɗauki injin casar shinkafa a matsayin misali.

Rabon lokaci

Mai aiki zai iya ware awa ɗaya kullum daga Litinin zuwa Juma'a, da awa uku ranar Asabar. Awa takwas ke nan a mako, tamanin a mako goma, ban da lokacin aji. A Sakkwato lokacin da ya fi albarka shi ne bayan sallar asuba, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, domin wanda ya wuni a rana ba abin da zai shiga kansa bayan isha'i. Awar ta kasu uku: minti goma sha biyar na tilawar abin da ya wuce ba tare da duba littafi ba, minti talatin na sabon karatu, minti goma sha biyar na rubuta amsar tambaya ɗaya. Asabar ta zagayen wurinka ce da rubuta doguwar amsa.

Mako biyu na farko na doka ne. Na uku zuwa na biyar na gudanarwa da auna haɗari. Na shida zuwa na takwas na haɗura ɗaya bayan ɗaya: injina, wuta, lantarki, sinadarai, ƙara, hawa sama, ɗaukar kaya. Mako biyun ƙarshe ba sabon karatu, gwaji ne kawai. Mun sa gudanarwa gaban haɗura da gangan. Wanda ya iya matakan shawo kan haɗari zai iya fito da amsar kowane irin haɗari da kansa, wanda kuwa ya fara da haɗura sai ya haddace jeri goma sha biyu masu kama da juna, su cakuɗe masa.

Don bita, yanka kwali ka yi katuna. Gaba ka rubuta tambaya, baya ka rubuta amsa da Hausa yadda ka fahimta, da kuma kalmar da littafin ya yi amfani da ita, tunda da Turanci za ka rubuta jarrabawar. Duk katin da ka yi yau, ka sake duba shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan mako uku. Wanda ka kasa ya koma farko. Sharaɗin shi ne ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya katin. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali saba wa idonsa kawai ya yi.

Doka: wa, me, yaushe

Ba a bukatar ka zama lauya. A kowace doka tambaya uku za ka amsa: wa aka ɗora wa nauyi, wane nauyi ne, kuma cikin kwana nawa. Ja layi uku a takarda ka cike.

Dokar Masana'antu, wadda za ka nema da sunan Factories Act, an yi ta a 1987, kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ita ta wajabta rajistar masana'anta, da tsafta, da iska, da haske, da ruwan sha, da akwatin taimakon gaggawa, da killace sassan injin da ke iya kama mutum. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke sa ido a kanta. Idan hatsari ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aikinsa fiye da kwana uku, dole a sanar da sufeto a rubuce.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, ce ke tafiyar da ita. Mai kamfani ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukumar. Ɗalibai na yawan juya waɗannan biyun. Ka riƙe cewa mai jinya ne aka ba ninkin lokaci, mai ofis da magatakarda aka ba rabi. Lambobin duka ka jera su daga ƙarami zuwa babba a kati guda: 1, 3, 7, 14.

A ɓangaren ƙasa da ƙasa, Yarjejeniya ta 155 ta ILO, ta 1981, tare da Shawara ta 164 da ke fayyace ta, su ne ginshiƙi, kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 1994. Abin da za ka fitar daga cikinsu shi ne rabon nauyi. Mai kamfani zai samar da wurin aiki da injina da tsarin aiki marasa cutarwa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, ya ba da horo, ya ba da kayan kariya ba tare da ma'aikaci ya biya ko sisi ba. Ma'aikaci zai kula da kansa da abokan aikinsa, ya bi umarni, ya sanar da duk abin da ya ga zai iya cutarwa. Ranar Asabar ka ɗauki wannan jeri ka shiga injin casar da shi, ka duba kowane nauyi ko an sauke shi. Abin da ka gani da ido a kan doka ba ya fita da sauri.

Gudanarwa da matakan shawo kan haɗari

Tsarin gudanarwa, ko na ma'aunin ƙasa da ƙasa ISO 45001 da ya fito a 2018 ko waninsa, zagaye ne mai mataki huɗu: tsara, aikata, duba, gyara. Haddace su ba wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne sanin me ke ƙarƙashin kowanne. Manufar kamfani da auna haɗari suna cikin tsarawa. Horo da takardar izinin aiki mai haɗari suna cikin aikatawa. Zagayen dubawa da binciken hatsari suna cikin dubawa. Zaman shugabanni don sauya abin da bai yi ba shi ne gyara. A dubawa ka bambance iri biyu: wanda ake yi kafin wani abu ya faru, kamar zagayen mako, da wanda ake yi bayan ya faru, kamar ƙirga raunuka da kwanakin jinya. Tambaya a kan wannan bambanci tana yawan fitowa.

Akwai kalmomi biyu da za ka gani a takardar tambaya waɗanda dole ka raba. Hazard shi ne abin da ke iya cutarwa, kamar bel ɗin inji da ba murfi. Risk kuwa shi ne yiwuwar cutarwar ta faru haɗe da tsananinta. Bel ɗin yana nan yadda yake ko an kulle ɗakin, amma yiwuwar ya kama wani ta ragu. Wanda aka ce ya kawo hazard ya rubuta "karyewar hannu" ya rasa maki, domin wannan sakamako ne.

Matakan shawo kan haɗari biyar ne, kuma jerinsu na da muhimmanci, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni: kawar, sauya, killace, tsara, sanya. Ga jimlar tunawa da farkon haruffansu: Kawu Sani kan tafi Silame. Don ma'anar ta zauna, ka tuna buɗaɗɗiyar rijiya a tsakar gida mai yara. Cike ta shi ne kawarwa. Jawo famfo a maimakonta shi ne sauyawa. Gina mata baki da murfi mai kwaɗo shi ne killacewa, wato maganin da injiniya ke yi. Kafa doka cewa babba kaɗai zai ja ruwa shi ne tsarawa. Ɗaura wa mai jan ruwa igiya a ƙugu shi ne sanya kayan kariya. Uku na farko suna aiki ko mutane sun manta, biyun ƙarshe kuwa sun dogara da mutum ya tuna kullum. Shi ya sa kwalkwali da takunkumi suke ƙarshe, kuma shi ya sa amsar da ta fara da "a ba su kayan kariya" take nuna wa mai dubawa cewa ɗalibin bai fahimci darasin ba.

Wata shawara a kan irin waɗannan jimloli: kada su wuce bakwai ko takwas a duk manhajar. Idan suka yi yawa sai ka tuna jimlar ka manta abin da take nufi. Kuma wadda ka ƙirƙira da kanka, da sunayen garuruwa da mutanen da ka sani, ta fi wadda ka aro zama.

Lambobin haɗura

Haɗura suna da yawa, amma lambobin da ya kamata su zauna a kai kaɗan ne. A ƙara, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana ninka ƙarfin ƙarar, don haka lokacin da aka yarda a zauna cikinta ya ragu da rabi. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Ba sai ka haddace jerin ba, ka riƙe "ƙara uku, raba biyu". Tsani ana jingina shi ƙafa ɗaya waje ga kowace ƙafa huɗu ta tsawo. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21, kuma idan ya sauka ƙasa da 19.5 a rami ko tanki ba a shiga. Allunan gargaɗi launi huɗu ne: ja hani, rawaya hattara, shuɗi dole, kore mafita ko taimakon gaggawa. Wuta kuwa sai abu uku sun haɗu, makamashi da zafi da iska, kuma kowace hanyar kashe ta cire ɗaya daga ciki take yi.

Sauran bayanin kowane haɗari ka yi shi da tambaya huɗu a taswirarka: ina yake, wa zai cutar, ta yaya, sannan ka bi Kawu Sani daga sama zuwa ƙasa. Ƙurar ɓuntu a injin casa, alal misali, tana cutar da huhu, tana kuma iya kama wuta, don haka za ta shiga wuri biyu.

Tambaya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ga irin labarin da za a iya ba ka. A wani injin casar shinkafa makanike ya cire murfin bel don gyara, bai mayar ba, saboda bel ɗin na yawan zamewa kuma kwance murfin na cin lokaci. Foman ya gani bai ce komai ba, domin manaja na matsa masa a kan yawan buhunan da za a fitar. An ɗauki sabon lebura mako biyu da suka wuce, ba a nuna masa komai ba sai inda zai zuba shanshera. Yana share ɓuntu kusa da bel ɗin, inji na aiki, hannun rigarsa ya shiga, ya karye a hannu, ya yi makonni bai dawo ba. Wata guda kafin haka bel ɗin ya fizge hular wani, aka yi dariya aka wuce. Tambaya mai maki goma: bayyana gazawar gudanarwa da ta kai ga hatsarin.

Amsar da ke faɗuwa ita ce: rashin horo, rashin kulawa, rashin kayan kariya. Gaskiya ne, amma za a iya rubuta wannan ba tare da an karanta labarin ba. Kowane maki yana son gaɓa uku: batun, shaidarsa daga labarin, da dalilin da ya sa ya zama matsala. Dubi yadda batun horo zai koma: "Ba a yi wa sabon ma'aikaci horon shiga aiki ba, domin labarin ya nuna wurin zuba shanshera kaɗai aka nuna masa, don haka bai san ba a shara kusa da bel sai an kashe inji ba." Ka ga batu, ka ga shaida, ka ga dalili.

Maki goma na nufin ka nemi batu goma mabambanta, ka ƙara ɗaya ko biyu don ko-ta-kwana. Hanyar samun su ita ce ka bi labarin layi-layi da biro, ka tambayi kowace jimla me ta tona. Murfin da ba a mayar ba ya nuna babu tsarin duba inji bayan gyara kafin a kunna. Zamewar bel a kai a kai ta nuna ba a gyara tushen matsalar. Shirun foman gazawar sa ido ce. Matsin manaja ya nuna an fifita buhu a kan lafiyar mutum. Hular da aka fizge gargaɗi ne da ba a rubuta ba, ba a bincika ba, kuma a nan ɗalibai da yawa ke barin maki a ƙasa. Shara inji na aiki ta nuna babu rubutaccen tsarin kashe inji a sa kwaɗo a makunni. Riga mai faɗin hannu kusa da abin da ke juyawa ta nuna babu ƙa'idar tufafin aiki. Sai ka raba sanadi na kusa, wato bel a buɗe da hannun riga, da sanadi na tushe, wato duk abin da ya fito daga ofis.

Idan aka ce ka auna haɗarin da jadawalin biyar sau biyar, wato a ba yiwuwa da tsanani maki daga 1 zuwa 5 sannan a ninka ɗaya da ɗayan, ka ba yiwuwa maki 4 tunda ana shara a wurin kullum kuma an taɓa samun gargaɗi, tsanani ma 4 tunda ana iya rasa hannu. Sakamako 16 ke nan cikin 25, aiki ya tsaya sai an gyara. Bayan an mayar da murfi da kusoshin da sai da sifana ake kwancewa, an kuma kafa tsarin kwaɗo, yiwuwa ta sauka zuwa 1, sakamako ya zama 4. Lura cewa tsanani yana nan a 4, domin idan hannu ya kai ga bel ɗin ɓarnar ɗaya ce. Rage tsanani bayan an sa murfi kuskure ne da ake yawan gani a takardun ɗalibai. Ta fuskar doka kuma, jinyar ta wuce kwana uku, don haka a sanar da sufeton masana'antu, a kai rahoto NSITF cikin kwana 7.

Mako biyun ƙarshe

Ka zauna gwaji cikakke sau biyu, da agogo, a yanayin da za ka yi ta gaske. Ka ba abokin karatu ya duba maka da tambaya ɗaya a kowane layi: ina shaidarsa a labarin? Duk layin da ba shi da ita a ja masa layi. Idan amsoshinka na fita gajeru, matsalar rashin bin labarin layi-layi ce. Idan suna fita dogaye amma maki kaɗan, batu ɗaya kake maimaitawa da kalmomi daban. Idan lokaci ke ƙare maka, raba mintocin jarrabawar da jimillar maki, ka san rabon kowane maki, ka bar tambaya da zarar lokacinta ya cika.

Ka kula da kalmar da tambaya ta fara da ita. Inda aka rubuta identify, ambato kawai ake so. Inda aka rubuta outline, ambato da jimla ɗaya ta bayani. Inda aka rubuta explain, sai ka kawo dalili.

Mai rubuta ta littafi a buɗe ya shirya fihirisar shafi biyu tun kafin ranar: kowane batu da lambar shafinsa, don kada awowi su tafi a neman abu. Kada ka kwafi jimlar littafi ko ta intanet, kada kuma ku rubuta tare da wani, domin ana bincika kamanceceniyar amsoshi, kuma a hirar ƙarshe za a tambaye ka abin da ka rubuta. Ka caja kwamfuta da waya tun ana gobe jarrabawa, ka tanadi data a layi biyu na kamfanoni daban, ka san inda za ka je idan wuta ta ɗauke. Ka riƙa adana aikinka bayan kowace amsa, ka kuma tura takardar aƙalla awa uku kafin a rufe, sannan ka buɗe abin da ka tura ka tabbatar shi ne kwafin ƙarshe.